Katin kanban a ƙaramar masana'anta: yadda za ka shirya shi don kada kayan haɗi su yanke

A wajen ƙera teburan makaranta, abin da ke tsayar da aiki sau da yawa ƙaramin abu ne. Katako yana nan an goge shi, ƙafafun ƙarfe sun sha fenti sun bushe, yara masu haɗawa sun zo tun da safe, sai a buɗe gwangwanin noti a tarar saura ɗan kaɗan a gindi. Maigida ya tura yaro Kasuwar Dole a kan babur, a samo wanda bai kai tsawon da ake so ba, ko a saya da tsada, rabin wuni ya tafi. Shi kuma maigidan da abin ya taɓa cizo sai ya koma sayen kaya jibgi, kuɗin da zai biya ma'aikata da su su kwanta a magaza suna tsatsa.

Katin kanban yana maganin waɗannan matsaloli biyu da ƙa'ida ɗaya: ba a sayo kaya, ba a ƙera su, sai an ga shaidar cewa an taɓa na ƙasa. Shaidar ita ce kati. Kowane mazubi na kaya yana da katinsa a jiki, ranar da aka fara ɗiba daga mazubin sai a cire katin a kai wa mai sayowa ko mai ƙerawa, shi kuma ya maido daidai adadin da katin ya faɗa. A kamfanin Toyota na Japan aka gina tsarin, a hannun Taiichi Ohno, cikin shekarun 1950, bayan ya lura da yadda manyan kantunan Amurka ke cike gurbin abin da masu saye suka ɗauka kawai. Sai a farkon shekarun 1960 ya game masana'antun kamfanin, saboda haka kada ka yi zaton yaranka za su saba da shi cikin mako guda. Amma mu a Damagaram mun san tushen abin: jarkar da ta ƙare ita ake fitarwa ƙofar gida, mai ga-ruwa ya gani ya cika ta, ba wanda ya aika masa saƙo.

Zan bi da kai ta misali ɗaya daga farko har ƙarshe. A ɗauka kana da wajen aiki a Sabon Gari, kuna haɗa tebur 20 a rana, kwana shida a mako, Litinin zuwa Asabar. Kowane tebur yana cin noti 12, ina nufin ƙusa mai zare da abin ɗaure ta, mai kauri milimita 8 da tsawo milimita 60. Kana sayo su a sari daga wani dillali a Kano, motar kaya tana kawo maka. Alƙaluman na misali ne, kai za ka sa naka.

Fara da kaya ɗaya ko biyu

Kada ka ce za ka yi wa duk abin da ke magaza kati a rana ɗaya. Zaɓi abin da ake amfani da shi kullum, kuma yawan da ake ci yau bai yi nisa da na gobe ba: noti, kara na walda, faifan yankan ƙarfe, takardar goge katako. Abin da ake nema sau biyu a shekara, ko kayan wata kwangila da ba za ta dawo ba, kati ba ya yi musu amfani, don zai sa ka riƙa cike gurbin abin da ba wanda zai sake tambaya.

Daga nan sai ka san abin da ake ci a rana. A lissafi tebur 20 sau noti 12 ya ba da 240. Amma ka gwada da idonka na mako biyu: ƙirga abin da ke nan ranar farko da abin da ya shigo bayanta, cire abin da ya rage a ƙarshe, ka raba da kwanakin aiki. Idan ya fita 260 maimakon 240, to wasu suna faɗuwa cikin yashi, wasu zarensu yana lalacewa, wasu suna bin aljihu. Da adadin da ka gani za ka yi lissafi, sannan ka nemi inda rarar ke tafiya. A misalinmu mu bar shi a 240.

Lokacin dawowar kati

Nan ne mafi yawan mutane ke kuskure, kuma nan ya kamata ka fi daɗewa. Idan ka tambayi maigida kwana nawa kaya ke yi daga Kano, zai ce maka ai wuni ɗaya ne, kilomita wajen 240 kawai. Wannan lokacin tafiyar mota ne. Abin da kake bukata shi ne tsawon lokaci tun daga sa'ar da yaro ya cire kati har zuwa sa'ar da katin ya dawo kan kanta manne da cikakken mazubi.

Bi katin a tafiyarsa. An cire shi an rataya a allo. Kai kuma ba kullum kake kiran Alhajin Kano ba, sau biyu ne a mako, Litinin da Alhamis da safe, don a haɗa da sauran kaya kuɗin mota ya yi sauƙi. Katin da aka cire ranar Litinin bayan ka gama waya zai zauna a allo har Alhamis: kwana uku ke nan bai motsa ba. Bayan waya, dillali ya haɗa kaya, a kai tasha, mota ta cika, a tsaya a iyaka, a iso Zinder, a ce kwana uku. A sauke, a ƙirga, a zuba a mazubi, a ɗora kan kanta, kwana ɗaya. Jimla kwana bakwai na aiki. Kullum ka yi lissafi da katin da ya fi kowane jira, domin shi ne zai bar ka ba kaya. Kuma kwanakin aiki za ka ƙirga, tunda ranar hutu ba a cin noti.

Sai rara ta ko-ta-kwana. Masana'antar da mai kawo mata kaya ke maƙwabtaka da ita tana iya wadatuwa da kashi 10 cikin ɗari. Kayan da za su tsallako iyaka, a ganina, kada ka fara da ƙasa da kashi 20.

Mazubi da yawan katuna

Nemi mazubai masu girma ɗaya. Gwangwanin fenti da aka wanke yana yi, ko jarka da aka yanke kanta. Ina son mazubin da ke ɗaukar aikin wuni guda cif, a nan noti 240, saboda duk wanda ya shigo magaza ya ƙirga gwangwanaye ya san kwana nawa suka rage ba tare da ya taɓa alƙalami ba. Ba sai an ƙirga 240 ɗaya bayan ɗaya kowane lokaci ba: ƙirga sau ɗaya da kyau, ka auna nauyinsa a sikeli, ka rubuta nauyin a kati, daga nan awo ya isa.

Lissafin yawan katuna ga shi:

```
katuna = (ci a rana × kwanakin dawowa × (1 + rara)) ÷ cikin mazubi
katuna = (240 × 7 × 1.2) ÷ 240 = 8.4
```

Ba a yin rabin kati, kuma sama ake cikawa, saboda haka katuna 9. Ma'anarsa, ban da gwangwanin da ke buɗe a hannun masu aiki, notin da ke kanta da wanda ke hanya da wanda ke jiran waya ba za su taɓa wuce 2,160 ba. Iyakar kuɗin da za ka kwantar a kan wannan kaya ke nan.

Akwai wani zaɓi da ya kamata ka yanke tun yanzu, ka kuma faɗa wa kowa. Wannan lissafi ya tsaya a kan cewa ana cire kati lokacin da aka ɗauki noti na farko daga sabon gwangwani. Wasu wuraren sai mazubi ya ƙare suke cirewa, don ya fi sauƙin tunawa. Idan haka za ka yi, saƙon zai makara da wuni guda, dole ka ƙara kati ɗaya su zama 10. Ko wanne ka zaɓa yana aiki. Abin da ba ya aiki shi ne wannan yaro ya cire a farko, wancan ya cire a ƙarshe.

Abin da za a rubuta a kati

Katin zai sha ƙura da baƙin mai da gumin hannu, takarda zalla ba za ta kai wata ba. Yanka kwali mai kauri kamar tafin hannu ka sa a leda mai ƙarfi, ko ka yi amfani da falle na langa-langa da aka goge bakinsa, a huda a sa waya ta ratayewa. A rubuta sunan kaya da girmansa, adadin da ke cikin mazubi da nauyinsa, wurin zamansa a kanta, wanda ake saye a wajensa, sai lambar katin a cikin ƴan uwansa: 1/9, 2/9, har 9/9. Wannan lambar ta ƙarshe kada ka raina ta, ita za ta nuna maka wanda ya ɓata.

Da yawa daga cikin yaran da ke koyon sana'a ba su yi nisa a boko ba, wasu allo suka yi. Rubuta sunan da ajami a ƙasan na boko, kuma mafi kyau ka ɗaure noti ɗaya na gaske a jikin katin da waya. Mai milimita 60 da mai milimita 50 suna kama a ido, amma yaro yana iya kara su ya gani. Kowane irin kaya a ba shi launin fentinsa a gefen kati da jikin gwangwani da gurbinsa a kanta.

Allon kuwa katako ne da ƙusoshi, layi biyu: na sama katunan da ke jiran waya, na ƙasa waɗanda aka yi odarsu suna hanya. Kafa shi inda mai haɗa tebur zai kai hannu cikin taku biyar. Idan sai ya zagaya ofis, katin zai kwana a aljihunsa.

Yadda mako ke tafiya

Ranar farawa kana bukatar gwangwani tara cike, kowane da katinsa. Idan abin da kake da shi bai kai ba, katunan da ba su da kaya sai su tafi allo kai tsaye a yi odarsu. Idan ya wuce, rarar a ware ta gefe a cinye ta tukuna kafin a taɓa masu kati.

Da safe mai haɗawa ya ɗauko gwangwanin da ke gaba a kanta, ya cire kati ya rataya a layin sama, sannan ya fara aiki. Sabbin kaya kullum ta baya ake jera su, don tsofaffi su fita da fari kafin raɓar damina ta kama su. Litinin da safe ka tsaya gaban allo, za ka tarar da katuna uku, na Alhamis da Juma'a da Asabar. Ka kira dillali: "Alhaji, barka da asuba. Noti mai takwas, tsawo sittin, guda ɗari bakwai da ashirin." Ka mayar da katunan layin ƙasa, ka rubuta ranar da alli a gefensu. Ranar da kaya suka iso, mai magaza ya auna gwangwani uku, ya ɗauko katunan nan uku ya maƙala, ya jera.

Idan komai yana tafiya daidai, ga abin da idonka zai gani. Odar Litinin tana hawa kanta Juma'a da safe, ta Alhamis kuma Talata. Dab da su hau, katuna bakwai suna allo, gwangwani biyu ne kawai cike a kanta. Da sun hau su zama biyar. Haka kantar za ta yi ta lilo tsakanin biyu da biyar. Maigidan da bai san wannan ba yakan firgita ranar da ya ga biyu, ya ruga kasuwa ya sayo kwali, ya ɓata tsarin da hannunsa. Biyun nan su ne rararka, suna nufin mota tana iya makara kwana biyu aiki bai tsaya ba. Ranar da ka ga saura ɗaya kuma ba labarin mota, a nan ne za ka sayo na wuni ɗaya a cikin gari.

Kati tsakanin mai walda da mai haɗawa

Tsarin yana aiki a cikin gida ma, inda mai kawo kayan abokin aikinka ne a ɗaya gefen rumfa. Mai walda, idan aka bar shi, yakan ƙera abin da ya fi masa sauƙi: ya saita ma'auninsa a kan ƙananan ƙafafu na ƴan firamare ya yi ta bugawa har su cika fili, alhali masu haɗawa manya suke jira. Bututun ƙarfe ya ƙare a kan abin da ba a nema.

A ce ana cin ƙafafun tebur 20 a rana, amalanke ɗaya yana ɗaukar na tebur 5. Daga cire kati zuwa yanka da walda da fenti da bushewa kwana biyu ne, wato 40. Saboda ɗaukewar wuta ka sa rara kashi 25, ya zama 50, a raba da 5, katuna 10. Idan girma biyu kuke yi, kowane girma da nasa lissafin da nasa launin. Dokar mai walda ɗaya ce, kuma ita ce mafi wuyar karɓa: idan babu kati a allonsa, ba ya ƙera komai. Ya gyara injinsa, ya share wuri, ya taya masu fenti. Zai ce maka, "Maigida, ina zaune haka kawai ga ƙarfe a ajiye?" Amsar ita ce ƙarfen da bai yanka ba yana iya zama kowane irin tebur gobe, wanda ya riga ya yanka kuwa ya zama abu ɗaya. Sai dai ka lura da yadda kake biyansa. Idan da yawan abin da ya ƙera ake ba shi kuɗi, ka sa shi tsaka mai wuya, kuma zai ƙera ba kati don ya ciyar da gidansa. Gyara biyan tukuna, ya zama na wuni ko na teburan da aka gama.

Kuma ƙafar da waldarta ba ta kama ba kada ta hau amalanke. Kati ya ce biyar, to biyar masu kyau, in ba haka ba lissafin duka ya zama ƙarya.

Alamomin cewa wani abu ya lalace

Ɓatan kati shi ne ciwon da ya fi yawa, kuma ba ya nuna kansa da wuri. Kati ɗaya ya faɗa bayan kanta, tsarin ya ci gaba da takwas, mafi ƙarancin kantar ya sauko daga biyu zuwa ɗaya ba wanda ya lura. Na biyu ya ɓata, sai wata Juma'a a wayi gari ba noti, a ce ai tsarin ne ba ya aiki. Maganinsa minti biyar ne duk Asabar kafin a tashi: na kanta da na layin sama da na layin ƙasa a haɗa, dole su ba da tara. Idan takwas ne, lambobin za su gaya maka wanne ne babu. A neme shi sosai kafin a yi sabo, kuma sabon a rubuta masa alama, don idan tsohon ya fito a yaga ɗaya.

Allon da kansa yana ba da labari ranar waya. Uku ne daidai. Idan ka tarar da ɗaya alhali an yi aiki kwana uku, wani yana buɗe gwangwani bai cire kati ba. Leƙa wajen haɗawa za ka ga gwangwani buɗe da kati a jikinsa. Idan ka tarar da biyar ko shida a lokaci ɗaya, ko dai an tara su a aljihu aka zube yau, ko masu haɗawa biyu kowa ya buɗe nasa gwangwanin. Wannan na biyun yana sa a yi oda fiye da bukata a mako ɗaya, mako na gaba kuma allo ya zama fayau. Gwangwani ɗaya ne ke buɗe a kowane lokaci.

Sai jarabar araha. Dillali zai kira ya ce farashi zai tashi, ka ɗauki kwali goma yanzu. Wani lokaci gaskiya ne, canjin naira da sefa yakan sa sayen ya zama riba, kuma hukuncin naka ne. Amma idan ka saya, kada kayan su hau kantar masu kati. Kulle su daban, ka ɗauke su tamkar wani dillali ne a cikin gida: kati ya zo, a cika gwangwani daga can, har su ƙare. Ta haka yara ba za su daina ganin amfanin cire kati ba.

Inda kati ba ya isa

Adadin tara an gina shi a kan tebur 20 a rana. Gabanin komawa makaranta a watan Oktoba oda takan yi yawa. Idan za ku koma 30 a rana, cin noti ya zama 360, lissafi ya ba da 12.6, wato katuna 13. Kati ba ya hango gaba, abin da ya riga ya faru yake faɗa, saboda haka kai ne za ka ƙara huɗun nan da hannunka, aƙalla kwana bakwai na aiki kafin a ƙara gudu. Yi su da wani launi daban, ka rataya su kai tsaye a layin masu jiran waya. Idan lokacin ya wuce, duk wanda ya dawo allo daga cikinsu a cire shi a adana, kaya su sauko da kansu.

Rufe iyaka kuwa ya fi ƙarfin kowace rara. Mun gani a 2019 lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa har fiye da shekara, mun sake gani a 2023. Gwangwani biyu ba sa riƙe wata shida. Abin da za ka tanada shi ne dillali na biyu a cikin Zinder wanda ka riga ka gwada kayansa, ka rubuta sunansa a bayan kati. Da shi lokacin dawowa yana iya zama kwana biyu, lissafi ya ba da 2.4, katuna uku ke nan, ko da yake farashin kowane noti zai fi.

Bayan wata biyu ko uku kana rubuta mafi ƙarancin abin da ka gani a kanta kowane mako, za ka san ko tara ta yi yawa. Idan bai taɓa sauka ƙasa da biyu ba, cire kati ɗaya ka sa a aljihun tebur, ka duba wata guda. Idan kana son ragi mai yawa, duba kwana ukun da kati ke zaune yana jiran waya, don su ne suka fi sauƙin taɓawa. Da za ka samu motar da ke ɗauko maka kaya sau uku a mako, jiran ya koma kwana biyu, lokacin dawowa ya zama shida, lissafi ya ba da 7.2, wato katuna 8. Sai ka kwatanta kuɗin gwangwani ɗaya da ka daina kwantarwa da ƙarin kuɗin motar, ka ga wanne ya fi maka.